Bango biyu, laima iri biyu: nazarin wani gida a bayan Ƙofar Ƙaura

Gidan da zan yi bayani a kansa gidan bulo ne a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da ke bayan Ƙofar Ƙaura a Katsina, ɗakunan kwana huɗu da falo, rufin kwano. Bangayen waje da bulo mai inci 9 aka yi su, na ciki kuma mai inci 6. Akwai bohol a tsakar gida da tankin roba a kan ƙarafa, kuma babu mitar ruwa, kamar yawancin gidajen garin nan. Ƙorafin maigidan guda ɗaya ne, wai laima ta kama masa gida. Wuri biyu ya nuna mini. Na farko bangon falo ne wanda bayansa ke kallon tsakar gida ta wajen get. Na biyu bangon da ya raba ɗakin uwargida da banɗakinta.

A ido, wuraren biyu tamkar abu ɗaya ne. Dukansu a gindin bango suke, fenti ya kumbura yana ɓamɓarewa, filasta ta yi laushi, kuma babu wanda ya wuce tsayin ƙugun mutum. Birkilan da ya saba yi wa gidan aiki ya riga ya yanke hukunci cewa duk ruwan ƙasa ne ke hawowa, maganinsa kuma tayil. An ma taɓa bin shawararsa a falo, aka manna tayil daga ƙasa zuwa tsayin santimita 90. Damina ɗaya ta wuce lafiya, a ta biyu sai tabon ya ɓullo a saman tayil ɗin. Yanzu so ake a ƙara wa tayil ɗin falo tsayi, a kuma yi irinsa a ɗakin Hajiya. Kafin a sayi kayan ne wani ɗan'uwan maigidan ya ce a bari a duba tukuna, kuma a ƙarshen watan Fabrairu aka kira ni.

Watan da aka kira ni ya rage mini rabin aikin. A Katsina ruwan sama yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, daga nan sai hunturu ya zo da busasshiyar iskar da ke tsage leɓe da dunduniya. Kafin a kai ƙarshen Fabrairu an yi kusan wata biyar babu ko ɗigo. Bangon da ruwan damina ya jiƙa, a wannan lokaci ya kamata a same shi a bushe ko yana dab da bushewa. Wanda kuwa aka samu jagab, to akwai inda yake shan ruwa a yau ɗin nan, ba ragowar na Agusta ba ne.

Abin da hannu da hanci suka nuna

Na fara da falo. Tabon ya miƙe a jikin bangon kusan mita 6, daga wannan kusurwa zuwa waccan, gefensa na sama yana ɗan hawa da sauka amma tsayinsa kusan ɗaya ne ko'ina. A kan iyakar akwai wani farin gari da ya taru kamar kanwa, idan ka shafa sai ya biyo yatsa. Bangon kansa a bushe yake, babu sanyi, babu wari. Filastar tana rugurgujewa ta zama yashi idan an danna.

Wannan farin garin shi ne shaidar ruwan da ya fito daga ƙasa. Bulo da siminti cike suke da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma ruwa yana bin su ya hau sama kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila. Yana hawa ne ɗauke da gishirin da ya narke a cikin ƙasa. Idan ya kai inda iska ke busar da shi daidai da yadda yake hawowa, sai ya tsaya, ruwan ya tafi, gishirin ya zauna. Shekara bayan shekara gishirin yana taruwa a wuri ɗaya, yana daskarewa a cikin filasta yana tura fenti waje. Shi ya sa irin wannan laima ba ta cika wuce mita ɗaya ko ɗan abin da ya fi haka ba, shi ya sa kuma take da iyaka a sarari. A nan ne aibin tayil yake. Da aka rufe santimita 90 na ƙasa, an toshe inda bangon ke fitar da ruwan, sai ruwan ya ci gaba da hawa har ya samu inda zai sha iska. Fentin mai ma haka yake yi.

A ɗakin Hajiya labarin ya sha bamban tun kafin in taɓa bangon, domin warin fumfuna ne ya tarbe mu da aka janye wadirof. Katakon bayansa ya yi baƙi ya kumbura. Tabon bai miƙe tsawon bangon ba, faɗinsa bai fi mita ɗaya da rabi ba, ya fi tsayi a tsakiya, wajen santimita 50, sannan ya gangara hagu da dama. Bangon yana da sanyi, launinsa ya yi duhu, farin garin kuma kaɗan ne ƙwarai. Ruwan bohol da ya fito daga fayif ba ya ɗauke da gishirin ƙasa mai yawa, kuma bangon da bai taɓa bushewa ba, ba ya samun damar fitar da gishiri a fuskarsa.

Na tambayi Hajiya, ta bayan labule, yaushe abin ya fi tsananta. Amsarta ta fi duk awon da na yi amfani. Ta ce, "Na falo dai, Malam, sai damina ta yi nisa, wajen Agusta, ya kai har bayan kaka sannan ya lafa. Wannan nawa kuwa ba shi da damina ba shi da rani." Can kuma ta ƙara da cewa akwai lokacin da injin bohol ya lalace aka daɗe ana sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, tankin sama babu komai, kuma ta lura a lokacin warin ya ragu. Maigidan bai san da wannan ba. Na sha ganin haka: wanda ke biyan kuɗin gyara shi ake yi wa tambaya, alhali wadda ke share ɗakin kullum ita ta san tarihin bangon.

Birkila bai gamsu ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "Injiniya, in fayif ne, ai daga sama ruwan zai gangaro. Fayif ɗin shawa yana can sama, ga shi wajen a bushe ƙayau. Laimar a ƙasa take." Gaskiya ne cewa a bangon da ba shi da rami, yoyon fayif yakan fito a inda yake, ya yi tabo mai faɗi a ƙasa da tsini a sama. Amma bulonmu mai rami ne. Idan fayif ɗin da aka binne a cikinsa ya yi yoyo, ruwan ba ya wahalar ratsa siminti, sai ya faɗa ramin bulo ya sulale ƙasa daga layi zuwa layi, har ya tarar da kankaren daɓen da aka ɗora bangon a kai. Nan yake taruwa, ya jiƙa bulon ƙasa, sannan ya fara hawowa. Mai kallo daga waje zai rantse ruwan ƙasa ne. Wannan ne babban dalilin da ya sa ake rikita abubuwan biyu a gidajen bulo, kuma shi ya sa siffar tabo ita kaɗai ba ta isa a fasa bango ko a sayi siminti ba.

Gwajin da ya raba gardama

Kafin komai na manna leda mai faɗin tafin hannu biyu a kowane bango, aka liƙe gefunanta da salatif, aka bar ta ta kwana. Wannan don a cire zargin gumin iska ne, irin wanda kan taru a bangon ɗakin da ke da na'urar sanyaya ɗaki ko bayan kayan da aka jingina. Idan raɓa ta taru a bayan ledar ta waje, daga iskar ɗaki take. Idan ta taru a ciki, daga bango take. Ta falo ta wayi gari a bushe ciki da waje, ta ɗakin Hajiya kuma cikinta ya yi gumi.

Sai gwajin tanki. Tunda babu mita, tankin sama shi ne mitar gidan. Da dare aka cika shi, aka kashe injin, aka tara ruwa a bokitai don amfanin dare, aka ce kada kowa ya buɗe famfo. Filamba ya hau ya yi alama a inda ruwan ya tsaya. Faɗin tankin mita 1.2 ne, abin da ke nufin kowane santimita ɗaya da ruwan ya sauka ya kai lita 11 da ɗan ɗori. Da safe aka tarar ya sauka santimita 3, wato lita 34 ke nan ta ɓace a dare ɗaya. Maigidan har ya ce a kawo guduma.

Na hana, saboda lita 34 a dare ɗaya ta yi wa wannan tabon yawa. Da duk a bangon take shiga, da ruwa ya kwanta a tsakar ɗaki. Muka zaga banɗakunan, sai ga tankin masai na ɗakin yara yana tsiyayar da ruwa a hankali cikin kwanon, robarsa ta mutu, ba a jin ko motsinsa. Aka rufe bawul ɗin kowane tankin masai, aka sake gwajin. A wannan karon ba a ga ruwan ya sauka ba. Filamba ya sauko yana murmushi, ya ce, "Ka gani ko, ranka ya daɗe? Fayif lafiya lau."

Tanki ba ya iya nuna ƙaramin yoyo. Lita 3 ko 4 a yini ba ta kai rabin santimita a tanki mai wannan faɗi ba, amma ta isa ta hana bango bushewa har abada. Don haka muka koma ga abin da kowane birkila ke da shi a jakarsa, wato siririn tiyo mai haske da ake awon lebur da shi. Aka rufe babban bawul na layin da ke shiga banɗakin Hajiya. Aka kwance ɗan famfon ƙasa da ake tarar ruwa a bokiti, aka ɗaura tiyon a bakinsa aka matse sosai, aka ɗaga ɗaya bakin sama aka ɗaure kusa da silin, wajen mita biyu da rabi daga ƙasa. Aka cika shi da ruwa, aka bubbuga har iskar da ke ciki ta fita, domin iskar da ta maƙale tana sa ruwa ya sauka ko babu yoyo. Sannan aka yi alama da biro.

Ramin tiyon santimita ɗaya ne a faɗi, don haka ɗan ruwa kaɗan idan ya fita sai a gani ƙarara. Cikin minti 10 ruwan ya sauka santimita 30. Wannan bai fi mililita 24 ba, amma idan aka lissafa shi zuwa awa 24 ya haura lita 3, kuma da ƙarfin tankin sama, wanda ya fi tiyon tsayi nesa ba kusa ba, abin da ke fita ya fi haka. Aka yi irin gwajin a banɗakin yara don kwatanci, ruwan ya tsaya cak a kan alama.

Tiyon yana da wani amfani na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan aka ƙyale shi, ruwan zai yi ta sauka, saurinsa yana raguwa, har ya zo kusan daidai da tsayin inda ɓarakar take, sai ya tsaya. Da la'asar muka tarar ya tsaya a wajen mita ɗaya da santimita 10 daga daɓe. Tsayin makunnin shawa ke nan. Maimakon a farfasa bangon daga sama har ƙasa ana lalube, tayil huɗu kawai aka cire a kewayen makunnin. A bayansa akwai gwiwar fayif mai zare inda roba ta haɗu da ƙarfe, an ɗaure ta fiye da kima tun ranar da aka sa ta, ta tsage siririyar tsaga. Ruwa na fitowa yana bin jikin fayif yana shigewa ramin bulo. Don birkila ya gani da idonsa, bayan an kashe wutar ɗakin saboda soket ɗin da ke kusa, aka huda bulon ƙasa ta ɗakin kwana. Ruwa ya tsiyayo har ya kusa cika kofi.

Da gwajin tiyon bai nuna komai ba, da ba a wanke banɗakin daga zargi ba tukuna, domin ba fayif mai kawo ruwa kaɗai ke yoyo ba. Akwai mai fitar da ruwan wanka, wanda yoyonsa sai lokacin da ake amfani da shi, kuma ana gane shi ta hanyar zuba ruwa mai launi, ko da shuɗin wanki ne, a ga ko zai ɓullo. Akwai kuma daɓen banɗakin kansa, inda ruwa ke bi ta tsakanin tayil ko ta kusurwar da daɓe ya haɗu da bango. Shi kuma ana toshe magudanar ne a tara ruwa santimita 2 zuwa 3 a bar shi ya kwana, a duba ko ya ragu, a kuma duba ɗaya gefen bangon. Mun yi wannan na ƙarshe a gidan, daɓen ya riƙe ruwansa.

Bangon falo kuma, daga ina?

Babu fayif ko ɗaya a wannan bango, babu sokawe a kusa, babu fulawar da ake ba ruwa a gindinsa. Na bincika waɗannan ne saboda kowannensu na iya jiƙa ƙasa duk shekara, ya haifar da laima mai hawa ta gaske alhali tushenta ruwan gida ne. Irin wannan ita ce mafi wuyar ganewa, kuma alamarta ita ce siffar ruwan ƙasa amma babu hutun rani.

Amsar tana waje. Muka ɗaga intalok biyu a jikin bangon muka tona. Gidan yana da difisi, wato ledar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin kankaren daɓe don ta tare ruwan ƙasa, ga bakinta nan mun gani. Sai dai tana ƙarƙashin intalok da kusan santimita 10. Ƙa'idar gini ita ce difisi ya kasance aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje, don kada ƙasa mai laima ko fantsamar ruwan sama su tsallake shi. Lokacin da aka gina gidan haka yake. Daga baya aka yi wa layin unguwar cikon jar ƙasa, titi ya fi tsakar gida tudu, ruwa ya riƙa shigowa ta get, shi kuma maigidan ya ciko tsakar gidansa da yashi ya shimfiɗa intalok. Ya kori ruwan titi, amma ya binne difisinsa. Yanzu yashin cikon yana jingine da bulon da ke saman ledar kai tsaye. Ƙari a kan haka, rufin wannan ɓangaren ba shi da gata, wato kwatar da ke tare ruwa a bakin kwano, ruwan kwano a gindin bangon yake zuba, kuma da muka ɗora lebur sai muka ga intalok ɗin ma wajen bango ya karkata.

Yawancin laima mai hawa da nake gani a gidajen bulo na garin nan irin wannan ce. Difisin yana nan, tsallake shi aka yi, ko da ciko, ko da dakalin da aka gina a jikin bango, ko da filastar waje da aka ja tun daga sama har cikin ƙasa ba tare da an yanke ta ba. Labari ne mai daɗi ga mai gida, domin sauke ƙasa ya fi sa sabon difisi sauƙi da arha ƙwarai. Inda babu difisi kwata-kwata, dole a riƙa yanka bangon a kan layin siminti gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ba ta wuce mita ɗaya ba, ana tsallake ɗaya, a zura leda mai kauri a cike, sai ta kama a dawo kan waɗanda aka tsallake. Akwai kuma maganin da ake ɗurawa ta ƙananan huji a layin siminti, amma a bulo mai rami yana buƙatar hannun wanda ya san aikin, in ba haka ba a rami zai zube.

Wani ya zo da ƙaramar na'urar awon laima mai allura biyu, ya dasa ta a bangon falo ta yi ja, ya ce ai ga shi har yanzu a jiƙe yake. Irin waɗannan na'urori don katako aka daidaita su, kuma abin da suke aunawa shi ne yadda lantarki ke ratsa abu. Gishiri yana taimakon lantarki ya ratsa, don haka filasta mai gishiri takan sa su yi ihu ko da bulon da ke bayanta a bushe yake. Da muka huda bangon, garin da ya fito daga ciki busasshe ne yana tashi, na ɗakin Hajiya kuwa dunƙulewa yake yi a tsakanin yatsu.

Gyara biyu da ba su haɗa hanya ba

A ɗakin Hajiya aikin na filamba ne, kuma cikin yini aka gama shi. Aka sauya gwiwar, aka sake gwajin tiyo kafin a mayar da tayil ko ɗaya, ruwan ya tsaya a kan alama. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, a rufe bango a kan haɗin da ba a gwada ba. Aka ƙara huji a bulon ƙasa don ragowar ruwan ya fita, aka kankare fentin da filastar da ta ruɓe, aka bar wajen a buɗe da taga da fanka. Maginan ƙasashen sanyi suna lissafin wata guda ga kowane inci ɗaya na kaurin bango kafin ya bushe. A bazarar Katsina abin ya fi haka sauri sosai, amma duk da haka makonni ake magana, ba kwanaki ba. Na zagaye tabon da fensir, na ce wa Hajiya ta riƙa duba ko yana ja da baya daga layin. Sai da leda ta kwana a jikinsa ta tashi a bushe sannan aka yi filasta ta yau da kullum aka shafa fenti. Ba a sa wani maganin hana ruwa ba, babu buƙata, tunda an kashe tushen ruwan kuma babu gishirin kirki a bangon.

Da an bi shawarar farko an manna tayil a nan, da ruwan ya ci gaba da zuba a ɓoye ta kowane gefe a rufe. Zai bi layin bulo ya ɓullo a ɗakin da ke kusa, ko ya sauka ta bakin kankare ya riƙa jiƙa cikon da ke ƙarƙashin daɓe, wanda idan ya zauna sai tayil ɗin ƙasa ya fara amo yana tsagewa. Ga soket a tsayin gwiwa a cikin bango mai ruwa.

A falo kuwa filamba ba shi da abin yi, aikin na birkila ne da mai kwano, kuma daga waje aka fara. Ba za a iya sauke tsakar gidan duka ba tunda titi ya fi ta tudu, don haka aka cire intalok a tsawon bangon, aka haƙa 'yar kwata mai faɗin santimita 30 wadda gindinta ya sauka santimita 15 ƙasa da difisi ko fiye, aka yi mata daɓe mai gangara santimita 2 a kowace mita zuwa magudanar da ke fita waje ta bayan gida. Aka yanke filastar waje a daidai layin difisi don kada ta zama gada. Aka sa wa rufin gata da bututun da ke kai ruwan nesa da bango.

Daga nan aka shiga ciki. Aka cire tayil ɗin duka, abin da ya yi wa maigidan ciwo don kuɗinsa ne, aka sassaƙe filasta har santimita 30 sama da iyakar tabon. Dole ne filastar ta tafi ko da an tare ruwan, saboda wani ɓangare na gishirin ƙasa yana jawo laima daga iska da kansa. Idan aka bar shi, da zarar iskar damina ta yi nauyi sai tabon ya dawo, mai gida ya ɗauka gyaran bai yi ba. Aka bar bulon tsirara cikin Maris da Afrilu, ana goge garin da ke fitowa da busasshen buroshi. Na hana a wanke shi da ruwa, don wankewa narkar da gishirin take yi ta mayar da shi cikin bulo. Sabuwar filasta aka yi ta da yashin rafi mai tsabta, siminti ɗaya yashi huɗu, da hodar hana ruwa a ciki, aka tsayar da ita kaɗan sama da daɓe, aka rufe tazarar da siket, wato siririn tayil na gindin bango. Fentin ruwa aka shafa, ba na mai ba.

Bambanci na ƙarshe shi ne lokacin da ake sanin ko gyara ya yi. Na fayif a ranar ake sani, tiyo zai faɗa. Na ruwan ƙasa kuwa duk gyaran da aka yi da rani kyau yake yi, har da na banza, domin bangon da ma a bushe yake. Na gaya wa maigidan kada ya yaba mana sai Agusta ta wuce. Wannan yana da amfani ga masu haya ma, inda ake jayayya kan wanda zai biya: mai gida ya ce ɗan haya ke jiƙa banɗaki, ɗan haya ya ce gini ne mara kyau, alhali tiyo da tona rami ɗaya a gindin bango za su nuna gaskiya.

Na koma gidan a watan Oktoba. Ɗakin Hajiya babu tabo babu wari, wadirof ɗin dai an sauya masa katakon baya an kuma ɗan janye shi daga bango. Bangon falo ya fita damina a bushe in ban da kusurwar da ke manne da katangar get, inda wani tabo mai faɗin tafin hannu ya fito da ɗan farin gari. Katangar ba ta da difisi, kuma an ɗinke ta da bangon falo, ta nan laimar ke ratsowa ta gefe. Maganinsa shi ne a yanka tsakanin katangar da bangon daga ƙasa zuwa tsayin mita ɗaya a zura leda a tsaye, kuma mun ajiye aikin sai hunturu ya busar da wajen.